Takardar labo ta ce rodi ya cika ƙa'ida, injiniya ya ce kada a taɓa shi

Sali_Rumde:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman waɗanda suka san aikin rodi su duba mini wata takarda. Ni ke kula da ginin yayana a nan Garwa, bene hawa ɗaya, ƙasa shaguna, sama ɗakunan kwana. Mun sayi rodi mai 12, wato mai kaurin milimita 12, tan 8 a hannun wani ɗan kasuwa. Injiniyan da ke duba mana aiki ya ce ba za a ɗaura ko sanda ɗaya ba sai an gwada, shi ne aka kai guntaye uku labo, wato ɗakin gwaji, aka ja su har suka tsinke. Ga abin da ke takardar. Re: 551, 542, 525 MPa. Rm: 625, 616, 593 MPa. Agt: 8.1, 7.4, 6.9 cikin ɗari. A ƙasa sun rubuta cewa sakamakon ja ya dace da abin da ake nema ga rodi mai ajin B500B. Amma can ƙarshe akwai wani layi da ƙananan haruffa, wai sakamakon ya shafi guntayen da aka gwada ne kawai, kuma mai aikin ne ya kawo su da kansa. Mai rodi ya ce magana ta ƙare tunda labo ta buga hatimi. Injiniya ya karanta ya ce shi bai gamsu ba, a dakata. Ma'aikata na zaune, kullum kuɗi na fita. Shin wannan takarda ta wanke tan 8 ɗin ko ba ta wanke ba?

Alhaji_Kankayeri:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ci gaba da aikinka. Ana neman 500, mafi ƙanƙanta a naka 525. Me ya rage? Wannan layin na ƙasa duk takardar labo da ta taɓa shiga hannuna yana ciki, kare kai ne kawai irin na ma'aikata. Wasu injiniyoyin in ba su wahalar da mai kaya ba ba sa jin sun yi aiki.

Dan_Marwa:
Ai dole ka jira kwana 28 kafin a san ainihin ƙarfinsa. Na kwana 7 ba a yanke hukunci da shi. Mu a shantiyenmu haka aka yi mana.

MalamBuba_Feraye:
Dan_Marwa, kankare kake nufi, shi ne ake zuba wa a kwano a jira ya yi kwana 28 a murƙushe. Ƙarfe ba ya nuna, yadda ya fito daga masana'anta haka yake. Sali, ni tambaya ɗaya gare ni: wa ya yanko guntayen, kuma daga ina ya yanko su?

Injiniya_Fadi:
Malam Sali, na yi aikin wannan gwaji da hannuna kafin in koma shantiye, don haka bari in faɗa maka abin da lambobin ke cewa tukuna. Idan inji ya kama sanda sama da ƙasa yana ja, da farko ƙarfen yana miƙewa kaɗan, in an sake shi ya koma yadda yake. Akwai inda ake kaiwa ya saki jiki, ya miƙe miƙewar da ba ya komawa. Wannan wurin shi ne Re, kuma da shi mai lissafin gini yake aiki. In an ci gaba da ja, yana ƙara ɗaukar nauyi har ya kai iyakarsa, wannan Rm ke nan, daga nan wuri ɗaya ya sirance ya tsinke. Agt kuwa yawan miƙewar da ya yi ne lokacin da ya kai iyakar nan. Ga B500B ana son Re ya kai 500, Rm ya fi Re da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wato in an raba Rm da Re a sami 1.08 ko fiye, Agt kuma ya kai 5. Naka in ka raba za ka sami 1.13, 1.14 da 1.13. A fuska dai duk sun wuce.

Sai dai inji ba ya auna MPa. Abin da yake aunawa ƙarfin ja ne, a kN. Mutum ne ke ɗaukar wannan ya raba da faɗin fuskar sandar a mm². To da wane faɗi aka raba? Ka sake duba takardar, ya kamata a sami wurin da aka rubuta kN, da nauyin kowane guntu a mita ɗaya, da faɗin da suka yi amfani da shi. Kawo mana su.

Sali_Rumde:
Na gode Hajiya Injiniya. Akwai su a shafi na biyu, ban ɗauka suna da amfani ba. Nauyi a mita: 0.872, 0.866, 0.829 kilo. Faɗi: 111.1, 110.3, 105.6 mm². Ƙarfin ja a wurin Re: 61.2, 59.8, 55.4 kN. Na iyaka: 69.4, 67.9, 62.6 kN.

Malam Buba, guntayen yaron mai rodi ne ya zo ya yanka, ina tsaye. Ban lura da damin da ya ciro kowanne ba, zan tambayi mai gadi.

Injiniya_Fadi:
To ga abin da injiniyanku ya gani. Rodi mai 12, faɗinsa a ƙa'ida 113.1 mm² ne, nauyinsa 0.888 kilo a mita. Wanda ya zana ginin da wannan 113.1 ya yi lissafi, bai san sandarku ba, bai auna ta ba. Shi ya sa ƙa'idar rodi take cewa a raba da faɗin da ke rubuce ga lambar sandar, kada a raba da wanda aka samu bayan an ɗora ta a sikeli. A takardarku kuwa sun auna nauyin kowane guntu, sun fitar da faɗinsa na zahiri, da shi suka raba.

Mu sake lissafin. Na farko, 61200 a raba da 113.1 ya ba da 541. Na biyu, 59800 ya ba da 529. Na uku, 55400 ya ba da 490. Ka ga 525 ɗin nan da Alhaji ya dogara da shi ya sauko ƙasa da 500.

Ko kuma ka kalle shi haka, ya fi sauƙi: sanda mai 12 ta B500B ya kamata ta riƙe 56.5 kN kafin ta saki jiki. Ta uku ta saki a 55.4. Ƙarfen da aka yi ta da shi ba shi da laifi, 525 ɗin gaskiya ne game da ƙarfen. Sandar ce ba ta cika ba. Nauyinta ya gaza na ƙa'ida da kashi 6.6 cikin ɗari, alhali rangwamen da ake yi wa mai 12 a ƙa'idar Faransa da ta Turai kashi 4.5 ne, wato kada ta sauka ƙasa da 0.848. Biyun farko suna ciki, ta uku ta fita.

Usmanu_Dalibi:
Ranki ya daɗe, ina da ja kaɗan. A aji an koya mana cewa 500 ɗin nan ba katanga ba ce da kowace sanda sai ta tsallake. Adadi ne da ake son kashi 95 cikin ɗari na kayan su kai, ana sa ran kaɗan za su gaza. To in ɗaya ta ba da 490, ai ba ta karya doka ba. Kuma in aka haɗa ukun aka raba, 541 da 529 da 490 sun ba da 520. Sannan a BAEL, ƙa'idar lissafin gini ta Faransa, ana raba ƙarfin rodi da 1.15, don haka a zahiri da kusan 435 ake aiki. 490 ya fi 435 nesa ba kusa ba.

Alhaji_Kankayeri:
Allah ya yi maka albarka ɗalibi. Abin da nake faɗa ke nan, ni dai ban iya lissafin ba ne.

Injiniya_Fadi:
Usmanu, farkon maganarka daidai ne, inda ka kai ta ne ban bi ka ba. Gaskiya ne 500 adadi ne na kaya masu yawa, ba na sanda ɗaya ba. Amma wannan hujja tana aiki ne idan an gwada guntaye masu yawa daga kaya iri ɗaya, narki ɗaya. A ISO 6935-2, in za a karɓi kaya ta hanyar gwaji, guntaye 15 ake ɗauka daga sanduna dabam-dabam, a kason da bai wuce tan 50 ba, lamba ɗaya, narki ɗaya, sannan a duba matsakaici tare da yadda sakamakon ya warwatsu. Da guntu uku ba ka da abin yin wannan lissafi. Ɗaya cikin uku ta gaza, wannan bai yi kama da biyar cikin ɗari ba. Kuma matsakaicin da ka fitar yana ɓoye abin da ya fi damuna: biyu suna kusa da juna a nauyi, ɗaya ta yi nisa. Ni ina zargin ba kaya ɗaya ba ne.

Shi kuma 1.15 an ajiye shi ne don abubuwan da ba a gani ba, sandar da ta ɗan goce daga wurinta, bambancin da ba a rasawa a masana'anta. In ka cinye shi tun a ƙofar shantiye a kan aibin da ka gani da idonka, me ya rage wa wanda ba ka gani ba?

Abakar_Njamena:
Ku bar ni in kawo nawa, don ni matsalata ta bi ta wata hanya. Bara muna aikin wani gida a nan, aka kawo rodi mai 10 da takardarsa, Re ya haura 600, mai kaya har alfahari yake da shi. Da feraye, wato mai ɗaura rodi, ya fara lanƙwasa zobban poto, wato ginshiƙi, sai ka ji ƙas, sanda ta karye a gwiwa. Wadda ba ta karye ba in ka ɗaga ta a rana za ka ga tsaga siririya a bayan lanƙwasar. Da muka koma kan takardar sai muka ga Agt bai kai 3 ba, kowa Re ya tsaya kallo. Bakin karayar ma fari ne mai ƙyalli kamar an fasa dutse, babu sirancewa ko kaɗan. Tun daga nan in an ba ni takarda daga Agt nake farawa. Sali, naku ta wannan wajen lafiya lau yake.

MalamBuba_Feraye:
Abakar ya faɗi gaskiya. Irin wannan ƙarfen hannu yana gane shi kafin labo. Yana da tauri, yana yi wa makullin lanƙwasa gardama, in ka sake shi ya ɗan dawo. Amma kuma a yi adalci, wani lokacin laifin feraye ne. In ka lanƙwasa sanda a kan ƙusa siririya, gwiwar ta yi tsini, ko ƙarfe mai kyau zai tsage. Yaran yanzu ba sa son canza ƙusar tebur, da ta mai 8 suke lanƙwasa mai 14.

Hajja_Kuseri:
Ni tambayata dabam ce, ku yi haƙuri. Rodina ya kwana biyu a waje, damina ta wuce a kansa, duk ya yi ja. Shi ma sai na kai labo?

MalamBuba_Feraye:
Hajja, ki sa a goge wuri ɗaya da burushin waya. In jan ya tafi, zanen jikin sandar ya fito sarai, babu ramuka, to tsatsar sama ce, ba ta hana aiki. In yana ɓarewa ɓawo-ɓawo kuma kin ga ramuka, a yanki mita ɗaya a goge a auna nauyi. Kuma a ɗaga shi daga ƙasa a ɗora a kan katako.

Sali_Rumde:
Na dawo da labari. Mai gadi ya ce kayan a mota biyu suka zo, ba rana ɗaya ba. Yaron ya yanki biyu a tulin farko da ke kusa da ƙofa, ɗaya a na biyu da ke bayan yashi. Na je da feraye muka duba. Zanen jikinsu ma ba ɗaya ba ne: na farko akwai haruffa da lamba 12 a jiki kowane taku kaɗan, na biyu zane ne kawai, kuma zanen ya fi tsayi. 'Yan faranti da ake ɗaurawa a dami kuwa babu ko ɗaya, an ce masu sauke kaya sun tsinke sun yar. Feraye ya sa ma'auni a na biyu ya ce ai 12 ne cif, har da ɗan ƙari.

Injiniya_Fadi:
Ma'aunin ya hau kan zane ne, shi ya sa. Sanda mai dogon zane da siririn ciki za ta ba ka 12 a ma'auni, sikeli ne kawai ke tona ta. Ga abin da za ka iya yi yau ba tare da ka biya kowa ba. Ka zaɓi sanduna biyar ko shida a tulin na biyu, daga dami dabam-dabam, wasu daga sama wasu daga ƙasa, a yanki mita ɗaya daidai a kowacce, a kai wurin mai sikeli na lantarki wanda ke nuna giram. Duk wadda ta gaza giram 848 ta fita. Ka yi haka a tulin farko ma.

Game da layin da Alhaji ya kira kare kai. Ba ado ba ne. Labo ba ta ga tan 8 ba. Tan 8 na mai 12 sanduna kusan 750 ne, ita kuwa guntaye uku aka miƙa mata a ƙofa. Ba ta san motar da ta kawo su ba, ba ta san wanda ya zaɓa ba. Ƙa'idar da ke kan labo-labo, ISO/IEC 17025, ita ce ta ce su rubuta cewa sakamako na abin da aka gwada ne, kuma in ba su suka ɗebo samfurin ba su faɗa. Mai dafa tuwo yana ɗanɗana miya da cokali ɗaya ya san tukunyar duka, saboda ya motsa ta. Nan tukunya biyu ce, kuma babu wanda ya motsa.

'Yan farantin da aka yar su ne ke ɗauke da sunan masana'anta, da lambar sanda, da lambar narki. Da suna nan, da an rubuta lambar narkin a takardar labo, sai takarda ta zama tana da dami da take magana a kansa. Yanzu abin da ke hannunka takarda ce game da guntaye uku da suka riga suka tsinke.

Alhaji_Kankayeri:
Hajiya, na ji, amma ku ma ku ji namu. Kaya yana tasowa daga Duwala, wani ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere a sauke a sake lodi, wani a tirela tun daga can. Kafin ya iso Garwa ya bi hannu uku ko huɗu, an kwance dami an sake ɗaurewa. Wane faranti ne zai rayu? Ɗan kasuwa da yawa bai san abin da aka haɗa masa ba. Kada a mai da mai rodin nan ɓarawo tun ba a ji bakinsa ba.

Abakar_Njamena:
Babu wanda ya ce ɓarawo ne, Alhaji. Amma Sali, a yaya kuka saya, a tan ko a sanda? Don akwai bambanci. Sanda mai 12 mai tsawon mita 12 nauyinta kilo 10.66 ne, tan ɗaya sanda 94 ke nan in an cike. In nauyin ya koma 0.829 a mita, sanda ba ta kai kilo 10 ba, tan ɗaya ya haura sanda 100. Wanda ya sayo a tan ya sayar a sanda, kowane tan ya sami rarar sanda shida. Shi ya sa siririn rodi ba ya rasa masu so.

Sali_Rumde:
A baki tan muka ce, amma da ƙirgen sanda aka sauke, 94 a kowane tan. Babu wanda ya hau sikeli.

Bello_Ngaundere:
Kafin ku yi nisa, wa ya duba abin da zanen ginin ya nema? Gidaje da yawa a nan da FeE400, wato rodi mai Re 400, ake yi musu lissafi. In na Sali haka ne, 490 ya wuce bukata, sai a rufe maganar a saki ma'aikata su yi aiki.

Injiniya_Fadi:
Tambaya mai kyau, Malam Bello, kuma ita ce ya kamata a fara yi. In da 400 aka yi lissafi, sanda mai 12 ana neman ta riƙe wajen 45 kN ne, ta uku ta riƙe 55.4, ta fuskar ƙarfi babu damuwa. Za ta ci gaba da zama sandar da ba ta cika nauyi ba, wannan kuma tsakaninsa da mai kaya ne. Malam Sali, duba kusurwar zanen rodi, inda ake rubuta ƙarfin kankare da na ƙarfe.

Sali_Rumde:
Na duba. FeE500 aka rubuta.

Bello_Ngaundere:
To na janye wannan. Amma har yanzu ina ganin gazawar kashi biyu cikin ɗari a ƙarfi ba abin tsayar da shantiye ba ne. A ƙara sanda ɗaya a inda ake sa goma, an wuce wurin.

MalamBuba_Feraye:
A dal, wato shimfiɗar kankaren bene, ana iya matso da tazara, Malam Bello, wannan mai sauƙi ne. A poto mai sanda huɗu ina za ka sa rabin sanda? Kuma ba feraye ne zai yanke wannan ba, sai wanda ya sa hannu a zanen.

Sali, in za a sake kai samfur, ga abin da na gani ana yi a manyan ayyuka. Injiniya ne ke nuna sandar da yatsa, ba mai kaya ba. A yanka da injin faifai ko zarto, kada a kusanto da wutar gas, don zafi yana canza ƙarfen kusa da bakin yanka. Kada a yanka a gwiwar da aka naɗe sandar don ta shiga mota, kuma kada a ɗauki lanƙwasasshe a buga da guduma a miƙe. A yanki kamar mita ɗaya a miƙaƙƙen wuri, inda haruffan masana'anta suka fito in akwai. Kowane guntu a naɗa masa salatif a rubuta tulin da ya fito, sandar da aka yanka ita ma a shafa mata fenti.

Usmanu_Dalibi:
Hajiya Injiniya, to ke nan labo ɗin ta yi kuskure? In haka ne ai takardar gaba ɗaya ba ta da amfani.

Injiniya_Fadi:
Ba zan ce ba ta da amfani ba. Sun rubuta kN, sun rubuta nauyi, sun rubuta faɗin da suka raba da shi, ba su ɓoye komai ba, da lambobinsu muka gano matsalar. Raba ƙarfi da faɗin zahiri shi ne abin da ake yi wa ƙarfe gaba ɗaya a ISO 6892-1, misali guntun da aka sassaƙa daga faranti. Rodi yana da tasa hanyar a ISO 15630-1, a nan ne ake komawa faɗin da ke rubuce. Malam Sali ya duba wace ƙa'ida suka ambata a saman takardar. Inda nake da magana da su shi ne hukuncin ƙarshe. In za ka ce abu ya dace da B500B, sai ka yi lissafin yadda ƙa'idar B500B ta ce, kuma nauyin da ka auna da hannunka ka ga ya fita, ya kamata ka faɗa. Yana da haƙƙin ya koma ya nemi su sake fitar da takardar da 113.1, ba sai an sake jan komai ba.

Ya kuma tambaye su inda kowane guntu ya tsinke. In a cikin bakin injin ya tsinke ko dab da shi, haƙoran injin na iya zama sanadi, kuma akan soke irin wannan a sake. In sun ajiye guntayen ya karɓo su.

Sannan ko da duk ukun sun wuce, gwajin ja bai ce komai a kan lanƙwasa ba, wannan gwaji ne dabam, kuma labarin Malam Abakar ya isa dalilin a nema. Bai ce komai a kan walda ba, wannan sai an duba sinadaran ƙarfen. Bai auna tsayin zane da tazararsa ba, alhali su ne ke sa kankare ya riƙe sandar.

Dan_Marwa:
Ni fa har yanzu ban gane ba. Labo ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa? Don in LABOGENIE ce, ta gwamnati, ai babu mai ja da ita.

Sali_Rumde:
Ba ita ba ce, wata ce mai zaman kanta, kuma ba zan kama suna ba. Amma yadda na fahimci Hajiya, ko wace ce ta gwada, guntayen da aka kai mata kawai za ta yi wa shaida.

Na yi awon sikeli da yamma, a shagon wani mai sayar da kayan masarufi. Tulin farko, guda biyar: 870, 875, 868, 881, 866. Tulin na biyu, guda shida: 831, 826, 852, 829, 835, 824. Feraye ya ƙirga tulin na biyu, sanda 280 ne da 'yan kai, kusan tan 3.

Abakar_Njamena:
Biyar cikin shida sun gaza 848. Ai wannan ba tsautsayin sanda ɗaya ba ne. A mayar masa da tulin na biyu ya canza, ko ya rage kuɗi a yi amfani da shi a katanga da wuraren da ba sa ɗaukar nauyi.

Alhaji_Kankayeri:
Canzawa da wuya, in kaya ya kwana a shantiye an yanki wasu. Ragi dai ana iya zama a yi magana. Sali, ka je da babba, kada ka je da takarda kana ɗaga murya. Ka tafi da guntayen da sikelin, a auna a gabansa.

Injiniya_Fadi:
Tulin farko nauyinsa ya yi, guntaye biyu daga cikinsa sun ba da 541 da 529. In ni ce, zan ƙara kai wasu daga dami dabam a ja su, a haɗa da lanƙwasa, in sun fito a fara poto da shi. Tulin na biyu a ware shi, a shafa masa jan fenti a baki tun yau, don in aka fara yanka aka gauraya babu mai iya rabewa. Ko za a yi amfani da shi a dal da ƙarin sanduna, injiniyanku ne zai sake lissafi ya rubuta ya sa hannu. Guntu ɗaya tak aka ja daga cikinsa, ban san abin da sauran za su bayar ba, masu 824 da 826 na iya sauka ƙasa da 490.

Bello_Ngaundere:
Ni dai ina nan a kan bakana, kuɗin sake gwaji da zaman ma'aikata zai fi kuɗin ƙarin sandunan. A lissafa shi kamar FeE400 a wuce.

Usmanu_Dalibi:
In aka lissafa shi a 400 ai sai an ƙara kashi 25 cikin ɗari na ƙarfe, Malam Bello, ba ɗaya cikin goma ba. Tan 3 ɗin zai yi aikin tan 2.4 ke nan.

Sali_Rumde:
Na tura wa injiniya awon sikelin, ya ce gobe da safe zai zo ya nuna sandunan da za a yanka da kansa, a tuli biyun duka. Mai rodi ya ce shi ma zai zo, amma ya ce kuɗin gwaji na biyu ba shi zai biya ba, tunda na farko ya ce kayansa sun yi. Yayana kuma yana waya yana tambaya ko a fara haƙa wani abu kafin nan. Malam Buba, in guntu mita ɗaya aka yanka a sanda, ragowar mita 11 ɗin ana iya sa ta a aiki ko ita ma a ajiye ta har sakamako ya fito?

MalamBuba_Feraye:
A ajiye ta da fentinta. In sakamako ya zo da gardama, daga jikinta za a sake yanka.